Fitowar da ake ɓoyewa bayan sunaye: yadda Marvel ta yi shekara shida tana sa ranar Thanos

Fim ɗin The Avengers na 2012 a faifai na fara ganinsa, irin faifan nan da ake cusa finafinai da yawa a cikinsa. Wanda ya haɗa shi ya ga sunaye sun fara hawa, sai ya datse, don a wurinsa labari ya ƙare kuma wuri ya yi masa kaɗan. Bayan kwana biyu ƙanena ya shigo yana tambayata, "Yaya, wane ne wannan mai shuɗiyar fuska da ya yi murmushi a ƙarshe?" Na ce babu wani mai shuɗiyar fuska. Muka yi ta musu har ya ɗauko wayarsa ya nuna mini. Fitowar ba ta kai minti guda ba, amma na ji ciwon abin sosai, domin ashe mai faifan nan ya yanke mini kan zaren da za a yi shekara shida ana ja.

Tun daga ranar ban ƙara tashi daga kan fim ba sai sunan ƙarshe ya wuce. Kuma da na daɗe ina bibiyar waɗannan fitowa, sai na gane ba iri ɗaya ba ce duka. Akwai wadda take kamar sa rana: an gama magana, an kai kaya, abin da ya rage a sanar da jama'a. Akwai kuma wadda ba ta wuce "na gani ina so" ba, wato kamfani ya faɗi burinsa alhali bai riƙe komai a hannu ba. A ido kamarsu ɗaya, amma ƙarshensu daban, kuma wanda ya san inda zai duba yana iya bambance su tun a kujerar kallo.

Kafin a shiga labarin, yana da kyau a san inda ake dasa abin. Manyan finafinan Amurka na yanzu sukan raba sunayen ƙarshe gida biyu. Da farko akwai gajeren jeri mai ado da kiɗa, wanda ke ɗauke da sunan darakta, marubuta, furodusoshi da manyan 'yan wasa, minti biyu ko uku. Bayansa sai dogon jerin nan na baƙin allo, mai ɗauke da dubban sunaye, yawancinsu masu aikin siddabarun kwamfuta, wanda kan ci minti bakwai ko fiye. Wannan rabuwa ta ba masu fim gurbi biyu. Na tsakiya, tsakanin jeri na farko da na biyu, kusan kowa yana nan zaune bai tashi ba, don haka nan aka fi ajiye abin da ya shafi labarin gaba. Na can ƙarshe, wanda sai mai haƙuri ke gani, an fi barinsa ga raha. Ba doka ba ce, ana saɓa ta lokaci-lokaci, amma tun 2012 haka tsarin Marvel ya fi tafiya.

Ba Marvel ce ta ƙirƙiro dabarar ba. A Ferris Bueller's Day Off na 1986 jarumin ya leƙo bayan sunaye ya ce wa masu kallo su tafi gida, fim ya ƙare. A Masters of the Universe na 1987 bos ɗin ya ɗago kai daga ruwa ya yi alkawarin dawowa, kuma ci gaban fim ɗin bai taɓa zuwa ba. Abin da Marvel ta kawo sabo shi ne ta mayar da gurbin ya zama gada tsakanin finafinan da jarumansu daban, daraktocinsu daban, har salonsu daban.

Dalilin da ya sa ta buƙaci gadar yana cikin aljihunta. Tun a shekarun 1990 kamfanin ya riga ya sayar da haƙƙin yin fim na manyan jarumansa: Spider-Man ya koma hannun Sony, X-Men da Fantastic Four suka koma hannun Fox. A 2005 ya karɓi rancen dala miliyan 525 daga bankin Merrill Lynch don ya riƙa yin finafinai da kansa, ya jinginar da haƙƙin wasu jarumai da suka rage masa. Waɗanda suka rage ɗin a lokacin ba su da farin jinin da suke da shi yau. Wanda ba ya karanta mujallun labaran zane bai damu da Iron Man ko Thor ba. Ƙarfin da ya rage wa kamfanin shi ne duk waɗannan jarumai a hannu ɗaya suke, zai iya haɗa su a fim guda. Sai dai ta yaya za a gaya wa mai kallo haka ba tare da an ɓata fim ɗin da yake kallo ba?

Amsar ita ce fitowar ƙarshen Iron Man na 2008. Tony Stark, wato Iron Man, ya dawo gidansa da dare, ya tarar da wani mutum a tsaye cikin duhu, ido ɗaya a rufe. Mutumin ya ce shi ne Nick Fury, shugaban hukumar S.H.I.E.L.D., ya gaya wa Tony cewa ba shi kaɗai ne irinsa a duniya ba, kuma ya zo su yi maganar wani shiri mai suna Avengers. Shi ke nan. Samuel L. Jackson ne ya hau matsayin, kuma zaɓensa ma saƙo ne, domin tun farkon shekarun 2000 masu zanen mujallar The Ultimates suka riƙa zana Fury da kamannin Jackson. An ɗauki fitowar da mutane kaɗan a lokeshan, kuma an cire ta daga kwafin da aka nuna a kallon share fage don kada zance ya fita da wuri.

A duba inda aka ajiye ta. Da an saka Fury a cikin jikin fim ɗin, to ya zama bashi a wuyan labarin: dole a bayyana shi, dole a ba shi aiki, kuma idan Iron Man ya faɗi a kasuwa sai a bar fim mai ɓaraka a tsakiya. Da aka tura shi bayan sunaye, fim ɗin ya rufe bakinsa cif a wurin da Tony ya bayyana wa 'yan jarida ko shi wane ne. Wanda ya tashi a nan bai rasa komai ba. Wanda ya zauna ya samu ƙari. Idan ciniki ya yi kyau, kamfani ya ce ai tun farko mun faɗa. Idan bai yi ba, a ce wasa ne ga masoya. Abin lura kuma, a lokacin da aka ɗauki fitowar babu doguwar yarjejeniya da Jackson. Sai a 2009 ya sa hannu kan finafinai tara. Ke nan fitowar da ta kafa tsarin duka ita kanta "na gani ina so" ce. Allah ya sa fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 580, aka samu abin biyan bashi.

Daga nan sai aka koma hanyar da ta fi tsaro. A ƙarshen Iron Man 2 na 2010, jami'i Coulson ya isa hamadar New Mexico, ya leƙa wani rami, kyamara ta sauka a kan guduma a kafe a ƙasa. Wannan fitowar ba daraktan Iron Man 2 ne ya ɗauke ta ba. Kenneth Branagh ne, wanda a lokacin yake tsakiyar ɗaukar Thor, kuma daga aikinsa aka yanko ta. A ƙarshen Thor na 2011 kuwa Joss Whedon, wanda zai yi The Avengers, shi ya ɗauki fitowar da Fury ya buɗe wa Dakta Selvig jaka ya nuna masa wani abu mai kusurwa huɗu mai shuɗin haske, Loki, ɗan'uwan Thor kuma bos ɗin The Avengers, yana leƙe ta cikin madubi. Wannan shi ne sirri na farko na tsarin: mai fim na gaba shi ke ɗaukar fitowar, ko kuma a yanko ta daga abin da ya riga ya ɗauka. Don haka guduma tana nan a inda aka nuna ta, kayan jikin 'yan wasa iri ɗaya ne, kuma babu fargabar a yi alkawarin da marubuci na gaba bai san da shi ba. Haka aka yi daga baya a Ant-Man na 2015, inda aka ɗauko guntun Captain America: Civil War aka liƙa, da Doctor Strange na 2016, inda Taika Waititi ya ɗauki zaman Strange da Thor wanda ya sake fitowa a cikin Thor: Ragnarok. Waɗannan su ne sa rana na gaskiya.

Yanzu mu dawo kan mai shuɗiyar fuska. A tsakiyar sunayen The Avengers, wani hadimi ya durƙusa a kan wani dutse a sararin samaniya yana ba ubangidansa rahoton shan kaye. Ya ce mutanen duniya ba sa mulkuwa, kuma neman faɗa da su kamar neman auren mutuwa ne. Ubangidan ya miƙe, ya juyo, ya yi murmushi. Bai ce uffan ba, ba a faɗi sunansa ba, kuma wanda ya saka fuskar a ranar, Damion Poitier, ba shi ne zai riƙe matsayin daga baya ba.

Wannan fitowa tana magana da mutum biyu a lokaci guda. Ga wanda bai san komai ba, saƙon a fili yake: Loki ɗan aike ne kawai, akwai babba a bayansa, kuma babban bai tsorata ba. Ga wanda ya karanta mujallun kuwa, maganar neman auren mutuwa ta isa. Thanos ne, wanda Jim Starlin ya ƙirƙira a 1973, wanda a labarin The Infinity Gauntlet na 1991 ya shafe rabin halittu don ya burge Mutuwa, wadda a can ake zana ta a siffar mace. A kowane zauren kallo akwai aƙalla mutum ɗaya na rukuni na biyu, kuma shi zai juya ya yi wa na kusa da shi bayani tun kafin a kunna fitilu. Kamar yadda ƙanena ya yi mini. Talla ce da kamfani bai biya ko sisi ba, kuma ta fi ta allo shiga rai domin daga bakin wanda ka yarda da shi ta fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar alkawarin. Ba a ce ga abin da Thanos yake so ba, ba a ce ga ranar da zai zo ba. Whedon da kansa ya amsa daga baya cewa bai da cikakken shirin abin da za a yi da shi. Kuma da aka zo 2018, marubutan Avengers: Infinity War suka yar da batun soyayya da Mutuwa gaba ɗaya, suka ba shi wata hujja daban: baki sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan, sai an rage rabi. Babu wanda zai ce an yi masa ƙarya, domin murmushi kawai aka nuna masa. Da a 2012 an sa shi ya yi dogon jawabi a gaban matar nan, da an ɗaure hannun mutanen da ba a ma ɗauke su aiki ba tukuna.

Fuska kaɗai ba ta riƙe jama'a shekara shida, sai aka koma ga kaya. A tsakiyar sunayen Thor: The Dark World na 2013, mayaƙa biyu daga Asgard, ƙasar Thor, suka kai wani jan abu mai suna Aether ajiya wurin wani mai tara kayan tarihi da ake kira Collector. Suka ce Tesseract, shuɗin abin nan da Fury ya nuna wa Selvig, yana wurinsu, kuma ba hikima ba ce a ajiye duwatsu biyu irin waɗannan kusa da juna. Da suka fita, mai ajiyar ya yi lissafi a fili: ɗaya ya samu, saura biyar. James Gunn ne ya ɗauki fitowar, shi da ke shirya Guardians of the Galaxy. A ganina wannan ita ce fitowar da ta fi kowace aiki a duk jerin, duk da ba ita aka fi tunawa ba. Ta koma baya ta canja ma'anar abin da muka riga muka gani, domin shuɗin abin nan da aka yi finafinai biyu ana faɗa a kansa ashe ɗaya ne daga cikin shida. Sannan ta ba mai kallo aiki. Daga ranar, duk wani abu mai haske da ya fito a fim sai ka tambayi kanka ko shi ma dutse ne. Sandar Loki, wadda aka nuna a hannun wasu miyagu a ƙarshen Captain America: The Winter Soldier na 2014, ta zama ɗaya. Abin wuyan Doctor Strange ya zama ɗaya. Mutum yana iya manta fuska, amma da wuya ya bar ƙirga da ya fara bai ƙarasa ba.

Sai kuma inda aka yi tuntuɓe. A tsakiyar sunayen Avengers: Age of Ultron na 2015, Thanos, wanda a lokacin Josh Brolin ya riga ya karɓi matsayinsa, ya buɗe wata ma'ajiya, ya zura hannu cikin safar ƙarfe mai gurbin duwatsu shida, ya ce zai yi aikin da kansa. Fitowa ce mai daɗi a zauren kallo, amma ta yi abin da ta 2012 ta guje wa: ta nuna takamaiman abu a takamaiman lokaci. Matsala ta farko, masu ido sun riga sun hango irin wannan safa a taskar Odin, mahaifin Thor, tun a Thor na 2011, sai da aka sa 'yarsa Hela ta ture ta a Thor: Ragnarok na 2017 ta ce jabu ce. Ta biyu, Infinity War ya nuna cewa maƙerin Nidavellir, Eitri, shi aka tilasta wa ƙera safar, kuma yadda aka ba da labarin ya sa masoya suka yi ta jayayya kan yaushe abin ya faru, tunda Asgard ce ke da alhakin kare wurin kuma babu wanda ya ji labari. Ta uku, mutumin da ya ce zai tashi da kansa ya sake shafe shekara uku ba a ga motsinsa ba. Ba wani babban rauni ba ne, amma yana nuna farashin faɗin magana da yawa kafin a rubuta labarin.

Irin wannan gyaran ɓarna an taɓa yinsa tun da wuri. A ƙarshen The Incredible Hulk na 2008 Tony Stark ya sami Janar Ross a mashaya ya ce suna haɗa wata tawaga. Da labari ya ci gaba sai maganar ta ƙi zama, domin Iron Man 2 ya nuna ba a ma amince Tony ya shiga tawagar ba. Sai da aka yi gajeren fim na 'yan mintuna mai suna The Consultant a 2011 don a ce da gangan aka tura shi ya ɓata wa janar rai.

Da lokacin biya ya matso, fitowar ta sake siffa. A tsakiyar sunayen Thor: Ragnarok, mutanen Asgard suna cikin jirginsu bayan rushewar ƙasarsu, sai wani jirgi da ya ninka nasu sau da yawa ya yi musu rumfa. Bayan kusan wata shida Infinity War ya buɗe a daidai wannan wuri, jirgin ya riga ya tarwatse. A nan babu wani hasashe, domin an riga an ɗauki fim na gaba. Fitowar ta zama shafin farko na littafin da aka gama bugawa. Haka ta ƙarshen Infinity War, inda Fury ya danna wata tsohuwar na'urar aika saƙo kafin ya zama ƙura, tambarin tauraro ya bayyana a kanta. An ɗauki zafin da mutane suka fito da shi daga mutuwar rabin jarumai aka ɗora shi a kan Captain Marvel, jarumar da ba a taɓa gani a fim ba, wadda fim ɗinta zai fito a Maris 2019, makonni kaɗan kafin Avengers: Endgame. Shi kuwa Endgame ba a sa masa fitowa ba. Ƙarar guduma a kan ƙarfe kawai aka bari a ƙarshe, irin ta Tony a cikin kogo a 2008. Babu bashin da ya rage a lokacin.

A daidai wannan tsakani kuma aka fara karya ƙa'idar da ta sa tsarin ya yi kyau tun farko, wato cewa wanda ya tashi da wuri bai rasa komai ba. A Ant-Man and the Wasp na 2018, sai a tsakiyar sunaye ne Scott Lang, wato Ant-Man, ya maƙale a duniyar ƙananan halittu, domin mutum uku da za su fito da shi sun zama ƙura. Dukan dabarar Endgame a kan wannan ta tsaya. A Spider-Man: Far From Home na 2019, tona asirin Peter Parker ga duniya, wanda shi ne abu mafi girma da ya faru da shi a fim ɗin, bayan sunaye aka yi shi. Masu No Way Home na 2021 sun san da matsalar, shi ya sa suka buɗe fim ɗinsu da maimaita wannan sanarwa. Ni dai ban yarda da wannan salo ba. Idan abu ya isa ya juya rayuwar jarumi, wurinsa cikin fim ne, a gaban kowa. Kuma mu da yawancinmu muke kallo a waya, ko a kwafin da aka yi wa fassara aka datse wutsiya, ko a tashar talabijin da ke yanke sunaye ta sa talla, mu ne wannan ɓoyo ya fi cuta.

Bayan 2019 alkawura suka yi yawa, biya ya yi kaɗan, kuma idan aka bi su ɗaya-ɗaya za a ga kusan duk waɗanda suka lalace daga gidan "na gani ina so" suka fito. A Eternals na 2021 an kawo mawaƙi Harry Styles a matsayin ɗan'uwan Thanos, aka yi ihu a zauren kallo, shekaru suka bi baya shiru. A Ant-Man and the Wasp: Quantumania na 2023 an cika fili da siffofin sabon bos, Kang, duka Jonathan Majors ne ya hau su, kuma an riga an sanar da fim ɗin Avengers mai ɗauke da sunansa. A Disamba na shekarar kotu ta same shi da laifi, kamfani ya raba gari da shi, a Yuli 2024 aka canja sunan fim ɗin aka ce Robert Downey Jr. zai fito a matsayin Doctor Doom. A ɓangaren DC abin ya fi sauri. Henry Cavill ya fito da rigar Superman a tsakiyar sunayen Black Adam a Oktoba 2022, kafin shekara ta ƙare sababbin shugabannin kamfanin suka ce ba da shi za a ci gaba ba.

A kwatanta da Thanos na 2012. Shi ma buri ne ba shiri ba, amma an jingina shi da siffa, ba da ɗan wasa ba, shi ya sa aka canja mai saka fuskar babu wanda ya damu. Kang kuwa an jingina shi da mutum ɗaya, aka ninka shi sau ɗari a allo. Superman na Black Adam an jingina shi da shawarar da sababbin shugabanni suka zo suka soke. Guduma ba ta neman ƙarin kuɗi, dutse ba ya shiga kotu. Don haka idan fitowa ta zo, abubuwan da nake dubawa ke nan. Shin fim ɗin da take nunawa yana da ranar fita kuma an fara ɗaukarsa? Shin abin da aka nuna kaya ne ko wuri ko wani aiki da ya faru, ko kuwa sananniyar fuska ce kawai da aka kawo don a yi tafi? Shin ta canja mini fahimtar fim ɗin da na gama kallo, kamar yadda ƙirgan duwatsu ya yi, ko an liƙa ta ne daga waje babu alaƙa? Idan amsoshin sun karkata ga fuska, babu rana, babu alaƙa, nakan ji daɗin fitowar a wurin amma ba na zaman jiranta.

Akwai wani misali daga wajen Marvel da yake nuna yadda dabarar ke aiki ta baya. A Tokyo Drift na 2006, cikin jerin Fast & Furious, wani direba mai suna Han ya mutu a haɗarin mota a titin Tokyo, kuma kowa ya ɗauka haɗari ne. Jama'a suka so shi, sai aka dawo da shi a finafinai uku na gaba aka ce duk kafin Tokyo suka faru. A tsakiyar sunayen na shida, a 2013, aka sake nuna haɗarin nan daga wata kusurwa, sai ga Jason Statham ya fito daga motar da ta buge shi, ya jefar da sarƙa, ya kira Dom, jagoran jaruman, a waya. A cikin minti biyu an daidaita jerin lokutan finafinai huɗu, an gabatar da bos na gaba, an kuma ba jarumai dalilin ramuwa wanda mai kallo yake ji a ransa, domin shi ma ya yi shekara bakwai da sanin Han.

Ita kuwa fitowar can ƙarshe ta The Avengers, ta shagon shawarma, babu abin da ta shuka. An ɗauke ta ne washegarin bikin fara nuna fim ɗin a Los Angeles a Afrilu 2012, shi ya sa kwafin da ya fara fita a ƙasashen waje bai da ita. Chris Evans ya riga ya tara gemu don wani fim, sai aka liƙa masa haɓar roba, ya zauna ya tallafe fuska da hannu, kuma shi kaɗai ne ba ya cin komai. Jarumai shida ne a gajiye kewaye da tebur, ba mai magana, masu shago suna share ɓaraguzai a bayansu. Ita ma sai daga baya na gan ta, a wayar ƙanena, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i.